Yadda Mai Kula da Ɗakin Karatun Unguwa Zai Rubuta Wasiƙar Neman Kantoci da Littattafai Daga 'Yan Kasuwa

Ɗan kasuwar da ya ɗan samu rufin asiri ba ya rasa takardun neman taimako a cikin durowarsa: ta gyaran masallaci, ta ƙungiyar matasa, ta Islamiyya, ta mara lafiya. Kusan dukkansu da magana ɗaya suke rufewa, wato "muna neman duk abin da Allah ya hore". Wannan jimla tana da ladabi, amma ita ce take kashe takarda, domin ta bar wa mutum aikin tunanin abin da zai bayar, shi kuwa ga masu saye a tsaye a gabansa. Sai ya ce a dawo, ko ya miƙa ɗan abin da ba zai sayi ko falanki ɗaya ba.

Mai kula da ɗakin karatu yana da wata dama da sauran masu neman taimako ba su da ita. Abin da yake buƙata ana iya ƙirga shi, ana iya auna shi da tef, kuma sau da yawa yana jingine a cikin shagon wanda ake roƙo. Mai katako yana da filawud, mai kayan gini yana da ƙusa da gam da fenti, mai sayar da littattafai yana da littattafai. Wasiƙar da ke kawo kantar littattafai ita ce wadda ta nemi abu ɗaya mai suna da adadi, daga mutumin da ke da abin a hannunsa. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta kaiwa ga wannan.

Ka fara da tef da alƙalami, tukuna wasiƙa

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka ƙirga littattafan da ke ɗakin, na kan kanta daban, na cikin kwali da buhu daban. Sannan ka auna bangon da babu taga kuma ba ya jiƙewa da damina. Daga waɗannan alƙaluma biyu ne buƙatarka za ta fito.

Kantar da ta fi dacewa da ƙaramin ɗakin karatu ita ce mai tsayin ƙafa 6, faɗin ƙafa 3, zurfin inci 9 da rabi, mai hawa 5. Ƙafa 6 babban mutum yana kai hannu ba sai ya taka kujera ba. Faɗin kuwa kada ya wuce ƙafa 3, domin littafi yana da nauyi fiye da yadda ake zato, kuma falanki mai tsawo yana lanƙwashewa a tsakiya bayan 'yan watanni. Kowane hawa yana ɗaukar kimanin littattafai 30 masu matsakaicin kauri idan an bar ɗan fili a gefe don a iya zarowa. Littattafan yara da ƙananan littattafan hikaya na Hausa sun fi sirantaka, hawa ɗaya zai ɗauki ninkin haka, manyan ƙamus da tafsirai kuma ba za su kai ba. Idan aka haɗa, kanta ɗaya ta kusan littafi 150 ce.

A ce ɗakinku yana da littattafai 900. Kantoci biyu da kuke da su suna ɗauke da 300, sauran 600 suna cikin kwalaye a ƙasa. Kuna buƙatar kanta 4 don kwashe na ƙasa. Idan kuma kuna shirin neman sababbin littattafai 300, sai an ƙara 2. Buƙatarku ke nan kanta 6. Kada ka nemi littafi ba tare da ka lissafa inda zai zauna ba. Na ga ɗakin da aka yi wa kyautar littattafai masu kyau, suka kwana biyu a kwali a jikin bango, gara ta shiga ta ƙasa, ba a farga ba sai da aka ɗaga kwalin gindinsa ya zube. Shi ya sa a wurina kanta ce gaba, littafi ya biyo baya.

Yanzu sai ka mayar da "kanta 6" zuwa kayan da ke cikin shago, kuma a nan ne zurfin inci 9 da rabi yake da amfani. Filawud yana zuwa ne da faɗin ƙafa 4, tsawon ƙafa 8. Idan aka tsaga shi ta tsawo a kan inci 9 da rabi, za a samu tsage 5, har da abin da bakin zarto zai ci. Tsage biyu su zama gefen dama da na hagu, kowanne ƙafa 6. Sauran uku kowanne ya ba da falanki biyu masu ƙafa 3, ke nan falanki 6: biyar na hawa, ɗaya na rufin sama. Filawud ɗaya mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci ya isa kanta guda cif, guntayen da suka rage kuma su yi ƙafafu. Sai a ƙara siririn filawud ɗaya na baya. Wannan na bayan ba ado ba ne. Idan aka buga shi da ƙusa a jikin kowane hawa, shi ke hana kanta karkacewa, yana kuma taimaka wa falankan su daure nauyi.

Jerin kayanka ya zama: filawud mai kauri 6, siriri 6, ƙusa, gam, maganin gara, fenti ko man shafa katako, da kuɗin aikin kafinta. Ka kai wa kafintan unguwa wannan lissafi ya duba, ya rubuta maka yawan ƙusa da gam da kuɗin aikinsa a takarda, ya sa hannu da kwanan wata. A cikin wasiƙa ka nemi kaya da adadinsu, kada ka nemi naira kaza. Farashi yana iya sauyawa tsakanin ranar da ka rubuta da ranar da aka amsa maka, amma filawud 2 filawud 2 ne ko yaushe.

Abu ɗaya da za ka faɗa a fili tun a wasiƙa: ba kwa son katakon da aka matse daga dusar katako, irin wanda ake yin kayan ɗaki masu sheƙi da shi. Yana da kyau a ido, yana da araha, amma da ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura ya ruguje, kuma yana saurin lanƙwashewa a ƙarƙashin littattafai. Idan akwai mai walda a unguwa wanda zai haɗa gangar jikin kanta da ƙarfe a ɗora falankai a kai, wannan ya fi komai jure gara, sai dai a shafa masa fenti saboda tsatsa.

Wa za a rubuta wa, kuma me za a nema a wurinsa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a buga wasiƙa ɗaya kwafi hamsin a raba kamar katin biki. Ku zauna da 'yan kwamiti ku rubuta sunaye goma sha biyu zuwa ashirin, a gaban kowane suna a rubuta abu biyu: me yake sayarwa, kuma wa ya san shi a cikinmu. Wanda babu mai saninsa a ajiye shi zagaye na biyu.

A Kano, misali, mutumin unguwarku da ke da rumfa a 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo shi za a nemi filawud a wurinsa. Na Ƙofar Ruwa ƙarfe da kayan gini. Masu littattafan addini da na Larabci suna Kasuwar Kurmi, masu littattafan makarantar boko kuma da yawa suna Sabon Gari. Mutumin Kantin Kwari ko Singa ba shi da katako ba shi da littafi, to shi ne za a ce masa ya ɗauki nauyin kuɗin aikin kanta biyu, ya biya kafinta hannu da hannu. Mai A Daidaita Sahu ko mai akori-kura a nemi ya ɗauko kayan. Mai ɗab'i ya yi muku hatimi da littafin rajista. Kowane gari yana da irin wannan rabo, a Zariya ne, a Katsina ne ko a Maraɗi.

Ka raba buƙatar ƙanana. Filawud 6 a wurin mutum ɗaya nauyi ne, zai ce sai ya yi tunani. Filawud 2 a wurin mutum uku abu ne da kowannensu zai iya ce wa yaron shago ya fitar nan take. Kuma ka rubuta wa mutane fiye da adadin da kake buƙata, domin ba kowa zai amsa ba. Idan aka samu rara, kanta ta bakwai ba za ta rasa aiki ba.

Harshe ma sai an duba. Wanda ya fi sakewa da Hausa a rubuta masa da Hausa. Mai shagon littattafai a Sabon Gari wanda ba Bahaushe ba ne, ko manajan reshen banki ko gidan mai, a yi masa ta Turanci, kuma kada a cusa masa kalmomin addinin da ba nasa ba. Shi abin da zai taɓa shi shi ne yaran da ke shirin jarrabawa ba su da littafi. Ka kuma sani cewa manajan reshe yawanci ba shi da ikon bayar da kayan kamfani sai ya tura hedikwata, don haka wasiƙarsa tana buƙatar takardar rajistar ƙungiya idan kuna da ita, da haƙurin watanni. Kada ka ɗora lissafin kantocinka a kansa.

Jerin littattafai

Idan ka rubuta "muna neman littattafai" kawai, abin da zai zo maka shi ne abin da mutane ke son rabuwa da shi: tsofaffin littattafan makaranta da manhaja ta wuce su, mujallun talla, littafin koyon kwamfuta na shekara ashirin baya. Don haka wasiƙar mai littattafai tana tafiya da takarda ta biyu, jerin abin da ake so da adadin kwafi.

Jerin ba daga kanka zai fito ba. Ka ajiye littafin rubutu a kan teburinka na wata guda, duk wanda ya tambayi littafin da babu ka rubuta. Ka kuma je wurin malaman firamare da sakandare mafi kusa su gaya maka littattafan da ake aiki da su a bana, da sunan kamfanin da ya buga da bugu na nawa ne. Wannan yana da muhimmanci musamman a littattafan adabi na jarrabawa, domin WAEC da NECO da JAMB suna sauya waɗanda aka zaɓa lokaci zuwa lokaci, kuma yaron da ya kwana a kan tsohon jeri ya yi wahalar banza. A misalinmu na littafi 300, ana iya raba shi haka: 120 na sakandare da tambayoyin jarrabawar baya, 100 na yara masu hotuna da Hausa da Turanci, 50 na adabin Hausa, 30 na ƙamus da sana'a da kiwon lafiya. Na Lissafi da Turanci a nemi kwafi biyar biyar, domin gab da jarrabawa kowa su yake nema rana ɗaya.

A ƙasan jerin ka sa layi biyu da za su cece ka daga kunya nan gaba. Na farko, ba ku karɓar littafin da gara ta ci, ko mai hunhuna, ko wanda shafukansa suka ɓace. Na biyu, littafin da ya yi muku yawa ko bai dace da masu karatunku ba, kwamiti zai miƙa shi ga wata makaranta. Idan ba ka faɗi wannan tun farko ba, ranar da mai kyauta ya ga littafinsa a wani wuri zai ɗauka sayarwa aka yi.

Ga wasiƙar

Shafi ɗaya ta isa. Wannan ta mai katako ce, da alƙaluman misalinmu. Inda aka bar ɗige-ɗige sai ka cike da naka.

Ɗakin Karatu na Unguwar ……,
Kusa da ……,
Ranar …… ga watan ……

Zuwa ga Alhaji ……,
'Yan Katako, rumfa mai lamba ……

Assalamu alaikum.

NEMAN GUDUMMAWAR FILAWUD GUDA 2 DON KANTOCIN LITTATTAFAI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan kasuwa tana albarka, Allah ya ƙara buɗi.

Ranka ya daɗe, ni ne mai kula da ɗakin karatun unguwarmu da ke bayan makarantar firamare. Muna buɗewa kullum daga bayan La'asar zuwa Magariba, ranar Asabar da Lahadi kuma tun safe. Rajistarmu ta nuna yara da matasa kimanin 40 ne ke zuwa a rana, mafi yawansu masu shirin jarrabawa, kuma ba a karɓar ko sisi a hannun kowa.

Muna da littattafai 900, amma 600 daga ciki suna cikin kwalaye a ƙasa saboda rashin kanta. Yara ba sa ganinsu balle su karanta, ga kuma damina tana tafe, ƙasan ɗakin yana danshi. Muna son haɗa kanta 6 kafin ƙarshen watan Afrilu.

Abin da muke roƙo a wurinka shi ne filawud guda 2, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci. Kowanne zai fitar da kanta ɗaya mai ɗaukar littafi 150. Katakon da aka matse daga dusar katako ba zai yi mana ba, domin ba ya jure ruwa. Ba kuɗi muke nema ba. Mu za mu turo a ɗauka, kuma kafinta ya riga ya ba mu lissafin aikinsa, ga kwafinsa a haɗe. Idan 2 ba su samu ba, 1 ma kanta ce guda.

Za mu ba ka takardar shaidar karɓa, mu rubuta kyautar a rajistarmu, kuma idan ka amince za mu sa sunan rumfarka a jikin kantocin. Idan ka fi son a sakaya, za mu sakaya. Muna gayyatarka ka zo ka ga ɗakin da idonka duk ranar da ka samu sarari.

In Allah ya yarda zan dawo ranar Talata mai zuwa bayan Azahar don jin amsarka. Allah ya sa ya zama sadaka mai gudana, ya saka da alheri.

Wassalam.

…… (Mai kula da ɗakin karatu), lambar waya ……
…… (Shugaban kwamiti)
Da sanin Mai Unguwa: …… (sa hannu da hatimi)

Ka lura kan wasiƙar kansa ya faɗi abin da ake so da adadinsa, ta yadda ko Alhaji bai karanta sauran ba ya riga ya san zancen. Babu dogon bayani a kan darajar ilimi, domin ya san wannan, abin da bai sani ba shi ne akwai littafi 600 a ƙasa a unguwarsu. Adadin masu zuwa dole ya fito daga rajista ta gaskiya. Idan 15 ne ka rubuta 15. Ɗan kasuwa yana iya turo yaronsa ya leƙa ba tare da ka sani ba, kuma da ya tarar da saɓanin abin da ka rubuta, ba kai kaɗai ka rasa ba, har wanda zai zo bayanka.

Jimlar "idan 2 ba su samu ba, 1 ma kanta ce guda" tana ba mutum ƙofar fita da mutuncinsa. Mutane da yawa suna yin shiru ne saboda kunyar ba da ƙasa da abin da aka nema, ba don rowa ba. Zaɓin sa suna ko sakayawa ma dole ne, domin wani yana son a san shagonsa, wani kuwa yana ganin bayyana sadaka yana rage mata lada, kuma ba za ka san wanne ne ba sai ka tambaya.

Abubuwa uku kada su shiga wasiƙar. Kada ka sa lambar asusun bankinka na kanka, ko da niyyarka fara ce tas. Idan dole sai an karɓi kuɗi, ya kasance asusun kwamiti mai sa hannun mutum biyu, ko a biya kafinta kai tsaye a karɓi rasit. Kada ka kira abin zakka, domin zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba, kuma saka kanta a cikinsu magana ce ta malamai, ba ta wasiƙarka ba. Sadaka mai gudana ko waƙafi ya wadatar. Kada kuma ka yi wa kamfani alkawarin za a rage masa haraji saboda kyautar, domin wannan yana da sharuɗɗan doka da ƙaramin ɗakin karatu ba lalle ya cika su ba.

Wasiƙar mai littattafai ginin ɗaya ne, kan wasiƙar ne da sakin layi na huɗu suka fi sauyawa: "muna roƙon kwafi 5 na littafin Lissafi na babbar sakandare da kwafi 5 na Turanci, kamar yadda suke a jerin da ke haɗe." Shi ma a ba shi ƙofa: idan kyauta ba ta yiwu ba, ya sayar muku a kan farashin sari, wani ɗan kasuwar ya biya.

Kai wasiƙa

Wasiƙa ba ta tafiya ita kaɗai. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma a wannan sha'ani gaskiya ne ƙwarai. Ku je mutum biyu, kai da wanda Alhajin yake jin nauyinsa a cikin kwamiti, dattijo ko malamin da ya koyar da 'ya'yansa. Idan mai kula da ɗakin mace ce, ko mai shagon Hajiya ce, a zaɓi ɗan rakiyar da ya dace. Kada a bar takarda a hannun yaron shago sai in babu makawa, in kuwa aka bari a kira mai shagon a waya a ranar.

Lokaci yana da tasiri. Kada ka je da sassafe mutum bai yi cinikin fari ba, ko lokacin da ake sauke kaya daga mota. Bayan Azahar, in kasuwa ta ɗan lafa, ya fi. Mai littattafai kada ka tunkare shi a watan Satumba da ake komawa makaranta, lokacin cinikinsa ne na shekara kuma kowane kwafi kuɗi ne a hannu. Bari sai kakar ta wuce, ya ga abin da ya rage masa a kanta. Watan azumi hannu yana sakuwa, amma masu nema sun yi yawa kuma hankali ya fi karkata ga ciyarwa, don haka ni na fi son a kai takarda kafin azumi.

Ka tafi da hoto ɗaya a waya na kwalayen nan a ƙasa. Bayan gaisuwa, dattijon ya gabatar da kai, ka faɗi buƙata a jimla biyu, ka miƙa takarda, ka yi shiru. Idan a kasuwa ce mai shugabanci, gaida shugaban 'yan kasuwar layin tukuna yana sauƙaƙa komai, wani lokaci ma shi zai ce a bar masa ya yi wa mutanensa magana.

Amsa iri uku ce. Wanda ya kira yaro ya ce a fitar, ka turo mota a ranar ko washegari, kada ka bari ya huce. Wanda ya tambayi kauri ko ya ce wane kafinta ne, da gaske yake, ka dawo ranar da ka ambata a wasiƙa. Wanda ya ce "ba komai, za a duba" bai tambayi komai ba, ka dawo sau ɗaya, sannan ka kira sau ɗaya. Bayan haka ka bar shi da gaisuwa. Maƙwabcinka ne, za ku haɗu a masallaci da wurin ɗaurin aure, kuma wanda bai bayar bana ba yana iya bayarwa baɗi idan ya ga kantocin a tsaye.

Ranar da kaya suka iso

Ka duba filawud tun a rumfa kafin a ɗora a mota. Ka kalli bakinsa: idan ɓawon yana ɗagowa, ko akwai ramuka a tsakanin shimfiɗun, ko ya gantsare idan aka jingine shi, ba zai yi kanta ba. Faɗin haka ga mai kyauta yana da nauyi, shi ya sa ya kamata kafinta ne zai je ɗauka, shi zai iya cewa "Alhaji, a canza mana wannan" a matsayin mai sana'a ba tare da kowa ya ji kunya ba. Idan tsohuwar kantar shago aka ba ku, ku ƙwanƙwasa katakon. Ƙara mai kama da ta fanko, ko garin katako yana zubowa daga ƙananan huji, alama ce ƙwaro yana ciki, kada ta shiga ɗakin sai an yi mata magani.

A shafa maganin gara a bari ya bushe sarai a waje kafin a ɗora littafi. Hawan ƙasa ya ɗaga daga daɓe da inci 4 zuwa 6, a bar ɗan tazara tsakanin bayan kanta da bango don ka riƙa ganin hanyar gara idan ta fara hawa, sannan a ɗaure saman kowace kanta da bango da ƙarfe. Wannan na ƙarshe kada a yi sakaci da shi, domin yara suna taka hawan ƙasa su miƙa hannu sama, kanta mai littafi 150 kuwa idan ta kife a kan yaro ba ƙaramin abu ba ne. Manyan littattafai masu nauyi a ƙasa suke zama, amma Alƙur'ani da tafsirai ba a ajiye su kusa da ƙafa, don haka a ware musu hawa na sama a kantar da aka fi ɗaurewa da kyau.

Littattafan kyauta su kwana a wani wuri daban, a buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Mai warin danshi ko baƙin ɗigo a gefen shafi a ware shi kada ya shafi sauran. Ka kula da na jabu, waɗanda aka buga ba da izinin masu shi ba: rubutun yakan yi dishi-dishi, hotuna su yi duhu, takarda ta yi sirantakar da ake hango bayan shafi, gam ɗin ƙeya kuma ya saki da an buɗe sau biyu. Wanda ya tsallake a ba shi lamba a rajista, a rubuta sunansa da na mai kyauta da kwanan wata, a buga hatimi a shafin farko da kuma wani shafi na ciki da kuka zaɓa, a ce shafi na 21 a kowane littafi, don ko an yage na farko a gane naku ne.

Takardar godiya ta fita cikin kwana uku, ta ambaci abin da aka karɓa da adadinsa, da sa hannun mutum biyun da suka sa a wasiƙar farko. Ranar da aka jera littattafai, ka ɗauki hoton kantar daga daidai inda ka ɗauki na kwalaye, ka tura wa kowane mai kyauta su biyun ta WhatsApp, wanda ba ya amfani da ita ka kai masa ya gani. Sannan ka manna takarda a bakin ƙofa mai nuna abin da aka nema, abin da ya samu da abin da ya rage: kanta 6 aka nema, 4 sun tsaya, saura filawud 2 da kuɗin aikinsu. Sunan wanda ya ce a sakaya a rubuta "wani bawan Allah". Kwafin wannan takarda shi za ka haɗa da wasiƙun zagaye na biyu, na mutanen da babu mai saninsu a kwamiti.